Shafin da ke ba da dayamon ɗin Free Fire kyauta: gaskiya ne ko tarko?

Sadiq: Jama'a, an turo min linki a wani gurup, wai ka sa lambar ID ɗinka ta wasan Free Fire a zuba maka dayamon 9,999 kyauta, wato kuɗin da ake sayen kaya da su a cikin wasan. Abokina ya rantse ya ga sun shiga wayar wani yaro. Ni dai na ce ba duka ne ƙarya ba, dole akwai na gaske a cikinsu.

Yaya Mubarak: Sadiq, babu na gaske ko ɗaya, kuma dalilin ba ya da wuyar ganewa. Dayamon ɗinka ba a cikin wayarka suke ba. Lissafinsu yana kan kwamfutocin Garena, kamfanin da ke da wasan, wayarka nuna maka lambar kawai take yi. Shi ya sa in ka sauya waya ka shiga da akawun ɗinka za ka tarar da kayanka yadda ka bar su. Shafin da wani ya buɗe jiya ba shi da hannun da zai kai can ya ƙara maka ko ƙwaya ɗaya. In da a ce wani ya gano kafar da zai riƙa ƙirƙirar dayamon, sayarwa zai yi a ɓoye har a toshe ta, ba zai raba wa duniya a gurup ba.

Khalifa: Yaya, a nan ban yarda da kai ba. Ni da kaina na sauke wani kwafin Subway Surfers da aka gyara, kuɗin ciki ba sa ƙarewa, na sayi duk abin da nake so. To in ya yiwu a can me zai hana a Free Fire?

Yaya Mubarak: Abin da ka gani gaskiya ne, Khalifa, amma wasan ba iri ɗaya ba ne. Wancan ana buga shi ko babu data, lissafin kuɗinsa a wayar yake ajiye, saboda haka wanda ya gyara manhajar ya gyara lissafin. Free Fire kuwa duk sayen da za ka yi sai wayarka ta tambayi kamfanin: nawa wannan mutum yake da shi? Akwai gyararrun kwafe da za su rubuta maka 99999 a saman allo, ina zargin irinsa abokin Sadiq ya gani. Daidai yake da alat ɗin bogi da ake nuna wa mai POS: saƙon ya nuna kuɗi sun shiga, asusun kuma wayam. Ka je sayen kaya a cikin wasan ka gani, ba zai tafi ba. Kuma shiga da gyararren kwafi yana cikin laifukan da suke rufe akawun a kansu.

Khalifa: To shi ke nan, ba za a samu dayamon ba. Amma gwadawa ai ba ta kashe kowa. ID kawai suka ce a sa.

Hafsat: Da ID suke farawa. Bari in ba ku labarin ƙanina, don a wayar Mama abin ya faru. Ya sa lambarsa, ya zaɓi adadin da yake so, sai wani layi ya riƙa cika, rubutu yana gudu kamar ana wani babban aiki, a gefe kuma sunaye suna fitowa wai wane ya karɓa yanzu. Da ya kusa ƙarewa sai aka tsaya aka rubuta Human Verification, wai sai ya tabbatar shi mutum ne. Aka ce ya sauke manhajoji biyu ya buɗe su. Ya yi. Aka ce ya sa lambar waya ya danna amincewa. Ya sa ta Mama. Dayamon bai zo ba, shafin ya mayar da shi farko. Daga ranar duk katin da Mama ta sa sai a riƙa gutsurar sa kullum, ashe rajistar wani sabis ya yi mata da hannunsa. Sai da muka buga *305# muka soke.

Yaya Mubarak: Madalla, Hafsat. Wannan shi ne cinikin mai shafin. Ana biyan sa kamasho a kan kowane mutum da ya sauke manhaja ko ya yi rajista ta hanyarsa, don haka tantancewar ba ta ƙarewa, in ka gama ɗaya a kawo maka wata. Layin da ke cika da sunayen da ke fitowa duk ado ne da aka riga aka rubuta. Sadiq, in kana son hujja, rubuta lambar da babu ita, ka ce 000000. Za ka ga ya ce an sami akawun ɗinka, ana shirya dayamon. Daga nan ka rufe, kar ka ƙara taku ɗaya.

Anti Binta: Ni wallahi duk wannan bai dame ni ba kamar yadda yaran nan suke kwana a kan waya. Nawa har asuba ina jin harbe-harbe daga ɗakinsa. A ƙwace wayoyin kawai a huta, in babu wasan ai babu mai cutar su.

Hafsat: Anti, wannan magana ce daban, kuma da ma a wayar iyayen da yawansu suke bugawa. Abin da ake gudu shi ne Facebook ɗinki ko Gmail ɗinki ne yaro ya ɗaure wasan da shi.

Usman: Nan ne ma inda ta fi ciwo, kuma ni a kaina ta faru. Nawa shafin bai yi kama da wanda Hafsat ta faɗa ba. Tambarin wasan ne, hotunan sababbin kaya, da wani faifai da ake juyawa a ci kyauta. Na juya, na ci kayan da na daɗe ina so. Sai aka ce in shiga da Facebook a tura min. Akwatin da ya fito sak na Facebook, shuɗin nan da komai. Na sa lambar waya da kalmar sirri, ya ce ba daidai ba, na sake sawa a hankali, ya ce kyauta za ta iso cikin awa 24. Da dare na ga an fitar da ni daga wasan. Na je Facebook, kalmar sirrina ba ta aiki. An canja imel da lambar da ke kai. Washegari abokaina suna kira na, wai na turo musu saƙo ina neman rancen dubu biyar, wasu kuma an tura musu linkin nan da sunana. Akawun ɗin da na gina tun ina JSS ya tafi.

Sadiq: Kai, Allah ya kiyaye. Amma ba ka da lambar nan da suke turowa ta tes? Ai in akwai ta ba za su iya shiga ba.

Usman: Ban kunna ba a lokacin.

Yaya Mubarak: Ku kunna ta, tana hana da yawa daga cikinsu shiga, amma kar ku ɗauka ta gama komai. Akwai shafukan da in ka sa kalmar sirri, mutumin yana can yana shigar da ita a Facebook na gaske a daidai lokacin. Lamba ta zo wayarka, shafin bogin ya buɗe maka akwati ya ce sa lambar, ka sa, ka miƙa masa mabuɗi na biyu. Ku lura kuma da abin da Usman ya faɗa. Cewar da aka yi masa kalmar ba daidai ba dabara ce, so suke ya rubuta sau biyu su tabbatar babu kuskure. Awa 24 ɗin kuma lokaci ne suka saya don ya zauna yana jira su kuma suna canja komai.

Khalifa: Ni dai kafin in shiga ko'ina ina duba ɗan kwaɗon nan da ke kusa da adireshi. In akwai shi na san shafin na kirki ne.

Yaya Mubarak: Kwaɗon cewa kawai yake wani a hanya ba zai karanta abin da kake aikawa ba. Bai ce komai ba game da wanda kake aika wa, kuma ɓarawo ma kyauta yake samun sa. Adireshin za ka karanta. Ka nemo alamar / ta farko bayan sunan, ka dubi abin da ya zo dab kafin ita. Ga na gaske, ga wanda na ƙirƙira don misali:

```
reward.ff.garena.com/
garena.com.dayamon-kyauta.xyz/
```

Na farkon ya ƙare da garena.com, nasu ne. Na biyun ya ƙare da dayamon-kyauta.xyz, wannan ne mai shafin, sunan Garena da ke gaba ado ne da kowa zai iya liƙawa. Haka in an ce ka shiga da Google, sama a wurin adireshin burauza ya zama accounts.google.com. In akwatin shigar a tsakiyar shafin kyautar aka zana shi, adireshin sama bai canja ba, to mai shafin kake rubuta wa.

Sadiq: To ai ka ga ni ma ina da gaskiya, Yaya. Ga shi da bakinka ka kawo shafin da ake karɓar kyauta.

Yaya Mubarak: Wannan na kamfanin ne, inda ake sa lambobin kyauta da su da kansu suke fitarwa lokacin gasa ko wani biki. Lambobin suna da wa'adi, wasu na yanki ɗaya ne kawai, kuma abin da ake samu yawanci ɗan kaya ne, ba dubban dayamon ba. Mai akawun ɗin Guest ma ba ya iya karɓa sai ya ɗaure shi da Facebook ko Gmail. Ba wannan ka tambaya ba.

Khalifa: Masu raba kyauta a TikTok da YouTube fa? Na san wanda ya ci, ID kawai ya bayar aka zuba masa.

Yaya Mubarak: Yana yiwuwa, tunda da ID kaɗai ana iya saya wa mutum dayamon a shafin sayarwa na halal. Wani ne ya biya da kuɗinsa. Ni dai ba na son su, don bayan an sanar da gasar sai wani mai irin hoton mai tashar ya biyo ka ta inbos ya ce ka ci, ga linki.

Khalifa: Wannan laifin mai kwaikwayo ne, ba na mai kyautar ba. Ni zan ci gaba da shiga, linki ne ba zan taɓa ba.

Hafsat: Ku bar wannan tukuna. Yaya, in mutum ya riga ya sa kalmar sirrinsa fa? Ina jin akwai masu karantawa a nan da suka yi shiru.

Yaya Mubarak: Kar ya jira ya ga ko kyautar za ta zo. Ya buɗe manhajar Facebook ɗin kanta ya canja kalmar, ya je Where you're logged in ya fitar da duk wayar da bai sani ba, ya duba imel da lambar da ke kai nasa ne. In kalma ɗaya yake amfani da ita a Gmail, can ma ya canja, don ita za su gwada na gaba. In an riga an kore shi, ya je facebook.com/hacked daga wayar da ya saba shiga da ita, ya kuma duba tsohon imel ɗinsa, don Facebook kan aiko saƙo lokacin da aka canja imel tare da hanyar warware canjin. Ya gaya wa mai wayar ko da zai sha faɗa, ya sanar da abokansa kar su tura wa kowa kuɗi da sunansa. In kuma manhaja aka sa shi ya sauke daga wajen Play Store, ya goge ta, musamman in ta nemi izinin karanta tes ko Accessibility, don ta nan ake ganin lambobin da banki ke turowa.

Usman: Kuma kar ya nemi masu cewa suna dawo da akawun. Da na yi cigiya a wani gurup, nan take wani ya ce in tura dubu uku zai dawo min da shi. Na tura, ya toshe ni.

Sadiq: Yaya Mubarak, ni ID kawai na sa ɗazu kafin in yi tambayar, ban shiga da komai ba. Akwai matsala?

Yaya Mubarak: Babu. ID ɗinka duk wanda kuka yi wasa tare yana ganin sa. In shafin ya nemi izinin turo maka sanarwa ka danna Allow, ka shiga Site settings na Chrome ka cire shi. Sannan ka koma gurup ɗin da aka turo maka ka ce wa wanda ya turo ya duba akawun ɗinsa, mai yiwuwa ba shi ne ya turo ba.