Kujerata tana kwantawa a Unity bayan na fitar da ita daga Blender

Jama'a, don Allah ku taimaka mini. Na ƙera kujera mai tsayin mita 1 a Blender, na fitar da ita a FBX. Da na shigar da ita Unity, sai na ga Rotation na X yana nuna -89.98, Scale kuma 100. Da zarar na mai da X sifili, sai kujerar ta kwanta rigingine.

Na san Z ne sama a Blender, Y kuma a Unity. Na yi Ctrl+A na zaɓi All Transforms, amma ba ta canja zani ba. Shin Apply Transform zan kunna wajen fitarwa, ko Bake Axis Conversion a Unity? Tsorona kada ƙafafunta da ke ƙarƙashin uwar jikin su watse.