Gidan raino ko mai raino a gida? Don Allah ku ba ni shawara

Maman Hanif: Salam 'yan uwa, kaina ya kulle. Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, da ma ƙanwar mijina ce ta ce za ta riƙe min yaron, mun gama magana tun ina da ciki har ɗaki na gyara mata, kawai sai ta samu gurbin karatu, kuma ba ita ta faɗa min ba a bakin yayarta na ji, amma bar wannan. Na duba wuri biyu. Na farko gidan raino ne, tsaf-tsaf da kyamara ko'ina, ɗakin jarirai shiru kamar ba kowa, ta taga aka nuna min don sun ce ba a shiga saboda tsafta. Na biyu wata mata ce mai raino a gidanta, yara 4 ne a hannunta, tana da fara'a amma gidan ba wani tsari. Zuciyata ta fi kwanciya da na farko. Me ya kamata in tambaya kafin in biya?

Anti Larai: Ƙanwata wata nawa yaron? Ba ki faɗa ba, kuma rabin amsar na nan. Sannan da kika leƙa ta tagar jarirai nawa kika gani, manya nawa ne a cikin ɗakin, masu barcin yaya aka kwantar da su?

Maman Hanif: Watansa 5 Anti. Jariran za su kai 11, mata 2 na gani, amma shugabar ta ce su 4 ne sauran sun ɗan fita. Wasu na barci rub da ciki, har filo ƙarami aka sa musu abin sha'awa. Ɗaya yana shan fida da kansa an tokare masa da tawul.

Anti Larai: To ki saurare ni, na yi shekaru ina aiki a ɗakin jarirai kafin in bari. Abin da ya ba ki sha'awar nan shi ne ya tayar min da hankali. Jaririn da bai kai shekara ba rigingine ake kwantar da shi duk barci, na rana da na dare, a kan katifa mai tauri shimfiɗaɗɗiya, ba filo ba bargo mai laushi ba 'yar tsana a gadon. Akwai mutuwar da jariri ke yi cikin barci lafiyarsa ƙalau, ta fi yawa kafin wata 6, kuma kwanciyar rub da ciki na daga manyan abin da ke ƙara haɗarinta. A Birtaniya da Amurka da aka yi ta wayar da kai a kan kwantar da jarirai rigingine a farkon shekarun 1990 mutuwar nan ta ragu da kusan rabi ko fiye. Abin da ya fi muni shi ne yaron da ya saba rigingine a gida sai a kai shi wani wuri a kifa shi, shi ya fi shiga haɗari don bai saba ɗaga kai ya juya fuska ba. Idan ya girma yana juyawa da kansa gaba da baya wannan daban, a bar shi, amma ba mai raino ce za ta kifa shi don ya fi daɗewa yana barci ba.

Fidar da aka tokare da tawul kuma, madara na ci gaba da zuba ko yaro ya daina haɗiya, sai ya ƙware, kuma yaron da ya ƙware da gaske ba ya iya kuka bare a ji. Ba mugunta ce ke sa su yi ba, lissafi ne. Ba jariri fida yadda ya kamata har a sa shi gyatsa yana cin kamar minti 20. Mace ɗaya tana ba wannan, ɗayar tana canza wa wancan famfas, saura 9 wa ke kallonsu? Ɗaya ta shiga banɗaki an bar mutum ɗaya da 11. A Ingila doka ce yaran da ba su kai shekara 2 ba babba ɗaya yara 3, ki auna da abin da kika gani. Ko da gaskiya ne su 4 ne, abin tambaya su nawa ke cikin ɗakin a lokaci ɗaya, ba su nawa ke karɓar albashi ba.

Ummu Sadiya: Shirun nan wallahi magani suke ba su. Duk gidajen rainon nan haka suke, maganin mura mai sa barci suke ɗura wa yara su huta. Ni ko kyauta ba zan kai ɗana ba.

Nas Rabi: Ummu Sadiya kar mu yi kuɗin goro. Ana samun masu yi, kuma haɗari ne sosai don irin maganin nan ba a ba jariri shi haka kawai, yana iya danne masa numfashi. Amma shiru kaɗai ba hujja ba ne, ƙila lokacin barcinsu ta je. Abin lura shi ne a ɗauko yaro yana layi da wuyar tashi, jiki a sake, ba ya kama nono da ƙarfi, kuma sai ranakun da aka kai shi can yake haka. Ki tambaye su kai tsaye Maman Hanif, idan yaro ya yi zazzaɓi me kuke yi? Amsar kirki ita ce za su auna, su kira ki, ba za su ba shi komai ba sai da izininki kuma su rubuta me aka ba shi da ƙarfe nawa. In aka ce kar ki damu muna da magunguna a nan, to ki damu. Ki kuma tambayi mai gudawa ko amai yaushe yake dawowa, wurare da yawa sai ya yi awa 48 da tsayawar ciwon.

Maman Hanif: Amma fa akwai kyamara Anti, sun ce ana iya nuna wa iyaye idan wani abu ya faru. Kuma tsaftar wurin ba a magana. Filon ma sai in ce kar a sa wa nawa.

Anti Larai: Kyamara ba ta ɗaukar yaro in ya ƙware ƙanwata, bayan an gama take nuna miki yadda aka yi. Kuma wa ke zaune yana kallonta? In kika ce kar a sa wa naki filo za su ce to Hajiya, ran da mai riƙonsa ba ta zo ba wadda aka aro daga ajin manya za ta kwantar da shi yadda ake kwantar da kowa. Hana ki shiga da sunan tsafta ma ban yarda ba, a ce ki cire takalmi ki wanke hannu wannan daidai ne, amma uwar da za ta bar ɗanta a ɗaki awa 8 a hana ta taka ɗakin? Ki koma ba tare da kin sanar ba, kuma ba lokacin da suka zaɓa miki ba, ki je da safe ana ta kawo yara ko lokacin da ma'aikatan ke fita cin abinci. Ki ƙirga da idonki. Ki yi magana da mai rainon kanta ki bar shugaba, ki ce mata tun yaushe kike nan, in kowa wata 2 wata 3 ne to ma'aikata ba sa zama, ɗanki kullum sabon hannu. Ki nuna wani yaro ki ce wancan ya sunansa, yaushe ya sha na ƙarshe. Wadda ke kula da gaske ba sai ta yi tunani ba.

Maman Biyu: Ni dai shawarata kar ki kawo yarinya gidanki. Tawa da na ɗauko wata 3 ta yi, waya kawai take dannawa, na dawo na tarar 'yan biyuna famfas ya jiƙe har ƙugunsu ya yi ja ya saɓule, da na yi magana sai mai gidan ya ce na cika faɗa, har yau abin na cina.

Ummu Sadiya: Maman Biyu ba 'yar aiki take nema ba, kai shi za ta yi. Ni na ce ta kai wa matar nan ta gida, uwa ce, ta fi waɗancan sau dubu.

Anti Larai: Ban ce ta fi ba, ba mu san komai a kanta ba. Yara 4 ɗin shekarunsu nawa? In biyu jarirai ne ga naki na uku ita kaɗai, matsalar ɗaya ce. Sannan a gidan mai raino tambayar farko wa da wa ke shiga gidan da rana, in za ta fita ko ba ta da lafiya wa take bar wa yaran.

Maman Hanif: Ban tambayi shekarunsu ba, biyu dai na gudu. Da na je 'yarta ce ke goye da ƙaramin, ba za ta wuce shekara 12 ba, ita tana wanki a baya. Ni abin da ya hana ni kenan, ga bokitai cike da ruwa a ƙasa.

Nas Rabi: Bokitin nan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro mai rarrafe ko koyon tsayuwa kansa ya fi jikinsa nauyi, ya dafa baki ya leƙa sai ya kifa ciki, ruwa kaɗan ya ishe shi kuma ba a jin motsi. Naki bai fara ba amma saura wata nawa? Sai dai ni a ganina wannan abu ne da za a iya gyarawa in matar mai jin magana ce, ki faɗa mata ki ga fuskarta, in ta tashi ta zubar to, in ta ce ai na raini goma ba abin da ya same su kin samu amsa. Duk inda kika zaɓa ki tambayi mai riƙon, jariri ya shaƙe me za ki yi? Ya kamata ta iya nuna miki, a kifa shi a kan hannu kansa ƙasa a buga tsakanin kafaɗu sau 5, in bai fito ba a juyo shi a danna ƙirji sau 5. Kuma yaron da bai fara rarrafe ba bai cika samun tabon kwanciyar jini ba, in kin ga shi musamman a kunne ko wuya ko ciki ki kai shi asibiti a duba, kar ki tsaya a kan ai faɗuwa ya yi.

Anti Larai: Nas ni ban yarda ana gyara wadda ke bar wa 'yar shekara 12 jariri ba. Duka biyun ba su yi min ba, ta nemi na uku.

Maman Hanif: Anti ba lokaci, kuma na farkon ne kan hanyar ofis ɗina, sun ce gurbi ɗaya ya rage in ban biya satin nan ba za su ba wata. Abokiyar aikina ma 'yarta a can ta tashi ba abin da ya same ta.

Anti Larai: Gurbi ɗaya ya rage, kowa haka suke faɗa masa. Ki koma ki shiga ɗakin tukuna kafin ki ba da ko sisi.

Maman Biyu: Ni har yanzu ban ga mai kula da yaro kamar uwarsa ba, ba za ki nemi a ƙara miki hutu ba?

Maman Hanif: Na nema sun ƙi. Zan kira shugabar in ji ko za su bar ni in shiga gobe.

Anti Larai: Na ce kar ki kira, ki je kawai.