Wata goma kawai na gani a takardar fanshona ta shekara, ina sauran biyun?

Maman Ilham

Assalamu alaikum. Takardar bayanin asusun fanshona ta bara ta iso, na ƙirga layukan na tarar guda 10 ne maimakon 12. Babu Mayu, babu Yuni, alhali takardun albashina na watannin nan sun nuna an cire kuɗin. Kowane wata 27,000 ne yake shiga, sai Agusta da na ga 54,000. Jimillar shekarar 297,000. Wanda ya taɓa fuskantar irin haka don Allah ya faɗa min abin da ya tarar, kafin in je ofishin albashi, kada a juya ni da magana.

Ɗan Gidan Alhaji

Hajiya kwantar da hankalinki, jinkiri ne kawai. Nawa haka yake yi duk shekara, su riƙe wata biyu ko uku sannan su zuba gaba ɗaya. Wancan 54,000 ɗin ai shi ne kuɗinki ya dawo. Tunda jimilla tana hawa ba ta sauka, babu matsala.

Baba Akanta

Wa alaikumus salam. Na daɗe ina aikin albashi kafin in yi ritaya, kuma irin takardar nan ta sha zuwa teburina. Ɗana, ka yi gaskiya cewa akwai jinkiri a ciki, amma ka yi lissafin tukuna. 54,000 wata biyu ne: na Agusta kansa da wani guda ɗaya. Wata biyu suka ɓata, ɗaya ya dawo. Sau 12 na 27,000 ya kama 324,000, ita kuwa tana da 297,000, ka ga saura 27,000 cif, wato wata guda. Hawan jimilla kuma ba hujja ba ce, domin ribar da asusun yake samu takan rufe giɓin, mutum ya ga kuɗi sun ƙaru ya ɗauka komai ya cika.

'Yata, ki duba ko takardar tana da gurbi biyu: watan da aka biya dominsa, da ranar da kuɗin suka shiga. Ba abu ɗaya ba ne. Idan ranar shiga kaɗai ta nuna, ki nemi cikakken bayani na wata-wata daga masu riƙe da asusun. Sannan ki faɗa min kashi nawa ake cirewa, kuma a kan wane albashi.

Maman Ilham

Na gode Baba. A wurinmu kashi 8 ake cirewa daga nawa, wurin aiki ya ƙara kashi 10. Ranar shiga kaɗai aka rubuta. Albashin da ake lissafi a kansa 150,000 ne, amma an yi min ƙarin girma a Oktoba ya koma 180,000.

Baba Akanta

To ashe matsala biyu ce, kuma ta biyun ta fi ɓuya. Ga yadda ake gano albashin da aka rubuta wa mutum ko da takardar ba ta faɗa ba: ki raba abin da ya shiga da 18, ki ninka da 100. 27,000 zai ba ki 150,000, daidai har Satumba. Daga Oktoba kuwa kashi 18 na 180,000 ya kamata ya shiga, wato 32,400. Kin ce 27,000 kike gani har Disamba, ke nan har yanzu a tsohon albashi suke tura miki. Bambancin 5,400 ne a wata, wata uku 16,200. Ki haɗa da watan da ya ɓata, abin da kike bi 43,200 ne.

Yanzu ki ɗauko takardar albashin Oktoba ki duba layin fansho. Idan 12,000 aka cire, ofishin albashi ne bai sabunta lissafi ba, ko kuma ƙarin ya faɗa cikin alawus ɗin da ba a cire fansho a kansa. Idan 14,400 aka cire, to an karɓi kuɗin a hannunki a sabon albashi, an tura a tsoho. Wannan galibi daga jadawalin da ake haɗawa da kuɗin ne, wani ya kwafi na watan jiya bai gyara ba. Amma wannan za ki bi shi da rubutu, ba da baki ba.

Ummu Sadiq

Ni nawa ya fi wannan ban haushi. Wata biyar na farko a sabon wurin aiki babu ko ɗaya, ofishinmu kuma suka nuna min rasit cewa sun biya. Kowa yana da gaskiya, kuɗi kuwa babu. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta buɗe jadawalin muka duba layina tare, ashe an juya lambobi biyu a lambar asusuna. Kuɗin sun isa, amma ba su dace da sunan kowa ba, sai aka ajiye su a asusun kuɗin da ba a san mai su ba. Sai da ofishinmu ya rubuta wasiƙar gyara sannan suka shigo. Abin da zan ce miki, Yaya, rasit na ma'aikata duka ne a dunƙule, ba ya nuna rabonki. Layinki a jadawalin Mayu da Yuni za ki ce a nuna miki.

Sani Direba

Salam. Ni ma ina da irin matsalar. Na bar aiki tun bara, ina so in cire kuɗina gaba ɗaya sun ce ba yanzu ba. Yaya zan yi?

Ummu Sadiq

Malam Sani wannan maganar cirewa ce, daban take, kuma kowane tsari da sharuɗɗansa. Amma tunda ka bar aiki, duba watanka na ƙarshe a takardar, shi ne aka fi mantawa da shi.

Malam Habu

Ni a tsarin da nake, ba asusun kuɗi ake tara wa mutum ba, watanni ake ƙirgawa da albashin da aka rubuta, da su ake yanke fansho. Saboda haka wata ɗaya da ya ɓata zai iya hana mutum cika adadin da ake buƙata. Na taɓa tayar da hankali ganin albashin da ke takardata bai kai abin da nake karɓa ba, ashe tsarinmu yana da iyakar albashin da ake lissafawa, abin da ya haura ba ya shiga. Kada mutum ya gwada da abin da ya faɗo masa a banki, ko kuma da albashi duka har da alawus. Wani abu kuma, kuɗin Disamba sau da yawa a Janairu suke shiga, sai su fito a takardar shekara mai zuwa.

Baba Akanta

Malam Habu ya taɓo abin dubawa. 'Yata, tunda ranar shiga kaɗai kike gani, mai yiwuwa layin Janairu ɗinki na Disambar da ta gabata ne, kuma kowane layi yana baya da wata guda. In haka ne, 27,000 da ya shiga a Oktoba na Satumba ne, babu laifi a cikinsa, abin da kike bi na ƙarin girma a takardar nan ya koma wata biyu, 10,800. Kada ki rubuta adadi a wasiƙa sai bayanin wata-wata ya zo.

Maman Ilham

Na duba, 14,400 aka cire tun Oktoba. Na nemi bayanin wata-wata, kuma gobe zan kai wasiƙa ofishin albashi in nemi jadawalin watannin, in karɓi kwafi mai hatimi. Tambayata ɗaya: in sun biya, ribar da kuɗin za su samu da sun shiga a kan lokaci fa, wa zai biya?

Baba Akanta

Wasu dokokin suna ɗora wa mai aiki tara idan ya yi jinkiri, amma ko tarar tana shiga asusun ma'aikaci, wannan sai kin karanta dokar tsarinku. A wurin da na yi aiki, asalin kuɗin kawai na ga ana mayarwa.

Ummu Sadiq

Ni dai ba a ba ni ko kaɗan ba. Wata abokiyar aikina ta ce an ƙara mata, amma ban ga takardarta ba.