Ɗinkin hannu a kan yadi mai talewa yana tattarewa, ku taimaka mini

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar allura da zare. Daga Gombe nake, na shekara 6 ina ɗinkin hannu a wuyan shadda, amma hijabi mai talewa ya gagare ni.

Wata baiwar Allah ce ta kawo guda 3, tana son fure a gefen kowanne. Na sa na farko a zoben katako na inci 6, na ja shi ya yi tsam kamar fatar kalangu, yadda na saba yi wa shadda. A cikin zoben furen ya kwanta lafiya. Ina cirewa yadin ya koma yadda yake, gefen furen duk ya tattare, guga ma bai miƙar da shi ba. Na gane jan ne ya jawo.

A na biyun ban ja ba, na manna takardar kwala a baya. Tattarewar ta ragu, sai dai wurin ya sandare, kuma takardar ta fara ɗagowa bayan wanki.

To wane mataki, wato shimfiɗar da ke tallafa wa yadi lokacin ɗinki, zan sa a baya, wanda ake yagewa ko mai laushin nan da ake yanke gefensa a bar shi? Zoben kuma, matakin da yadin zan haɗa a ciki, ko matakin kaɗai zan ɗaure in yi wa hijabin ɗaurin zare a kai? Zare sili 3 nake sawa, ko ya yi nauyi ne?

Saura guda ɗaya a hannuna, ranar Juma'a za ta zo karɓa.