Lissafina yana makalewa dab da hancin lanƙwasar P-V

Salamu alaikum, injiniyoyi. Daga Gusau nake, kwana uku ke nan ina fama da wannan.

Na kwaikwayi layi guda mai kilobolt 132 a MATPOWER, na sa X = 80 Ω, R = 0, lodin kuma ba ya jan Q ko kaɗan. A takarda, Pmax = V²/2X ya ba ni megawat 108.9, inda ƙarfin wuta zai sauka zuwa 0.707 pu.

Da `runpf` ina ƙara megawat ɗaya-ɗaya. A 108 na samu 0.75 pu, a 109 Newton-Raphson ya ƙi ba da amsa. Na rage matakin zuwa 0.1, na ninka yawan zagaye, amma reshen sama kawai yake fitowa. Abin ya dame ni, domin reshen ƙasa nake bukata.

Don Allah, ta yaya zan zagaye hancin, tunda Jacobian ba ya juyuwa a wurin?