Manaja ya ce in rubuta wasiƙar shaidar da kaina, shi sa hannu kawai zai yi

Sagiru Auyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ƙaramin akanta ne a wani kamfanin casar shinkafa a gefen Haɗeja, shekarata uku a nan, tun ina rubuta risitin shanshera a bakin sikeli har aka mayar da ni ofis bayan na gama bautar ƙasa, kuma ni ke ɗauke da mahaifiyata da ƙanne huɗu. Ina neman tallafin karatun digiri na biyu, saura kwana tara a rufe. Suna son wasiƙar shaida daga wurin aiki. Manajanmu sabo ne, watansa takwas, ya ce in rubuta in kawo ya sa hannu. Na rubuta shafi biyu amma raina bai kwanta ba. Ya zan yi?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Sagiru, ba ka faɗi wane tallafi ba ne, kuma ka'idar kowanne daban. Na Commonwealth, alal misali, kai ne za ka ɗora wasiƙun a matsayin PDF, da sa hannun mai shaidar. Wasu kuma imel suke tura wa manajan ya cike da kansa, kai ba za ka ga abin da ya rubuta ba. Koma ka karanta ka'idar kafin komai.

Shafi biyun nan kuma rage shi zuwa ɗaya. Na tabbata rabinsa "mai ƙwazo ne, mai gaskiya ne, mai ladabi ne". Masu tantancewa sun ga irin wannan har sun gaji, domin kowa haka ake rubuta masa. Abin da suke nema shi ne aikin da manajan ya gani da idonsa. Sakin layi na farko ya faɗi ko shi wane ne, muƙaminsa, tun wane wata kake ƙarƙashinsa, da ainihin abin da ke hannunka: littafin kuɗi, albashin ma'aikata, daidaita littafi da takardar banki, ƙidayar sito. Na biyu ya ɗauki aiki ɗaya ya bi shi daga farko har ƙarshe. To, wane aiki ka yi da ya canza wani abu a ofishin?

Sagiru Auyo: Ban faɗi sunan tallafin ba ne don kada magana ta bazu kafin abu ya tabbata. Amma ni zan ɗora wasiƙar. Batun aiki kuwa, da sai 12 ga sabon wata muke rufe lissafin watan da ya wuce, yanzu 5 ga wata mun gama. Dalili, dilolin da ke biya ta taransifa sunan mai turawa daban da na mai kaya, sai a shigar da kuɗi ɗaya sau biyu ko a rasa mai shi. Na sa kowane risiti ya ɗauki lambar taransifar, kuma ina daidaitawa duk Juma'a maimakon ƙarshen wata.

Malam Nasiru: To ga wasiƙarka nan ka ɓoye ta! Wannan shi ne sakin layi na biyu. Manaja ya ce matsala kaza ce, Sagiru ne ya gano sanadinta, ya kawo tsarin lambar taransifa da daidaitawar mako-mako, rufe lissafi ya dawo daga kwana 12 zuwa 5. Jimla huɗu sun isa. Na uku ya haɗa wannan da kwas ɗin da kake nema, da sunan kwas ɗin da na tallafin daidai yadda suke a fom ɗinka. Ƙasa kuma cikakken suna, muƙami, lambar waya, imel, kwanan wata, sa hannu da hatimin kamfani, a kan takarda mai ɗauke da sunan kamfanin. Ranar fara aikinka ta zo ɗaya da wadda ka sa a fom. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: fom ya ce Maris, wasiƙa ta ce Yuli.

Kuma kada ka kai masa wasiƙa gamammiya. Kai masa waɗannan bayanai a rabin shafi, ku zauna minti ashirin ya faɗa da bakinsa, a buga. In kai ka rubuta, Turancinta zai yi kama da na bayanin da ka rubuta a kan kanka, kuskuren da kake yi a can shi zai fito a nan, mai karatu kuwa yana lura.

Alhaji Ɗanladi: Yaro, bar wahalar da kanka. Nemi hakimi ko ciyaman ya sa maka hannu. Wa ya san manajan injin shinkafa a Abuja? Ɗan wana ma da takarda mai kyau ya nema, shiru har yau, don ba shi da kowa a sama.

Malam Nasiru: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma shaidar aiki suka nema. Hakimi zai shaidi asalinsa, bai taɓa ganin littafin kuɗinsa ba.

Ummi Ringim: Ku dai yi hankali, mai sa hannu shi ake kamawa in yaro ya gudu bai dawo ba.

Hajiya Rabi: Ummi, wancan mai tsayawa ne, wanda ake sa wa hannu a yarjejeniya. Wannan shaida ce kawai, ba ta ɗora wa manaja bashi.

Malam Nasiru, tsarinka ya yi, amma akwai tambayar da ba a yi ba. Sagiru, yaushe ka kawo gyaran nan? In kafin zuwan sabon manaja ne, ba zai rubuta kamar a gabansa aka yi ba. In aka kira shi a waya aka ce ya yi bayani, zai kama inda-inda. Iyakarsa ya ce ya tarar da tsarin yana aiki, kuma takardun ofis sun nuna kai ka kawo shi. Wanda ya gani da ido tsohon manaja ne. Na biyu, kada a sa adadin kuɗin da aka shigar sau biyu ko cinikin kamfani na wata. Sirrin mai kamfani ne, kuma akantan da ya fitar da shi ya ba da shaida a kan kansa. Kwanaki da yawan dilolin sun wadatar. Kada kuma a rubuta cewa za a ajiye maka kujerarka sai ka dawo, sai in mai kamfanin ya yarda, don manaja ba shi da wannan ikon.

Sagiru Auyo: Hajiya, bara ne, wata biyar kafin sabon ya zo. Amma tsohon ba lafiya suka rabu da mai kamfani ba. In aka ji na je wurinsa, ni zan kwana a ciki. Shi kuma sabon ba ya zama, kullum yana Kano ko wajen sayen shanshera, shi ya sa na rubuta. Ba ƙarya na yi a ciki ba.

Malam Nasiru: Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Sabon ya isa, wata takwas ai ya ga rufe lissafi sau takwas. Ka bi shi ko a mota ne ka karanta masa, ya gyara abin da bai yarda da shi ba. In imel ɗin Gmail kaɗai kamfanin ke da shi, to hatimin ya fito sosai, lambar wayar kuma ta zama wadda yake ɗauka. Ka yi sikanin a shagon kwamfuta, ban da hoton waya mai inuwar hannu.

Hajiya Rabi: Ni dai ban gamsu ba. Shaidar wata takwas a kan aikin shekara uku siririya ce. In wasiƙa biyu suke karɓa, tsohon ya rubuta ɗaya a matsayin tsohon shugabanka, a takardar inda yake aiki yanzu.

Malam Nasiru: Ta biyun ta malamin jami'a ce, Hajiya, karatu zai je.

Sagiru Auyo: Malamin da ya duba furojet ɗina ya yi ritaya, lambarsa ba ta shiga. Shafi biyun ma wani abokina mai digiri na biyu ya duba ya ce ya yi. In na cire sakin layi ɗaya na saka maganar kwana 12 da 5 ɗin, ba shi ke nan ba?