Lambar wa za a sa a katin yaro?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Za mu yi tafiya wata ƙasa, kuma inda za mu akwai cunkoso. Ina so in yi wa Hanif ɗan kati ko da ya ɓace, shekararsa uku. Lambata zan sa ko ta babansa? In haɗa da suna da adireshi?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Sa duka kawai, har adireshin gida.

Anti Bilki: A'a Kabiru, ban da adireshi. Wanda ya tsinci yaro kira zai yi, ba ya bukatar sanin ƙofar gidanku. Maman Hanif, bari ki ji abin da ya same ni bara. Ummi ta saki hannuna a tashar jirgin ƙasa, kafin in waiga ta shige cikin mutane. Da katinta a jikinta, lambobi biyu rangaɗau. Matar da ta tsince ta sau shida tana kirana, ni kuwa ina ta gudu ina kwala sunan yarinya, waya a hannuna ko motsi ba ta yi ba. Ashe tun tuni na kunna Silence Unknown Callers saboda masu damun mutum da talla, duk baƙuwar lamba ba ta ƙara. Ta kira ta biyun, wani mutum ya ɗauka ya ce bai san mu ba. Tsohon layin babanta ne da ya daɗe bai yi amfani da shi ba, kamfani ya ba wani. Kusan minti arba'in, sai da aka yi cigiya a lasifika. Wallahi har yau in na tuna jikina rawa yake.

Hajiya Rabi: Subhanallahi. Allah Ya ƙara tsarewa.

Anti Bilki: Amin Hajiya. Yanzu lambar wanda yake tare da yaro a ranar nake sawa a sama, ta biyu kuma ta wani da ba ya wurin, wanda hankalinsa a kwance yake kuma yana ɗaga waya. Kafin mu fita sai in ari wayar da ba ni da lambarta, in kalli katin in buga, in ji ta yi ƙara.

Malam Sani: Tunda wata ƙasa za ku, ki rubuta da alamar + da lambar ƙasarku a gaba. A yawancin ƙasashe ana cire sifilin farko idan an sa lambar ƙasa. In kin rubuta yadda kuka saba a gida, mutumin can ko ya buga ba za ta shiga ba. Ki kuma tabbatar layinki zai karɓi kira a can. In sabon layi za ki saya, a sake katin ranar da kuka sauka.

Kabiru: To sunan fa? Yaro na kuka, ai da sunansa za a lallashe shi.

Hajiya Rabi: Da sunan kuma mugu zai yaudare shi. Yaro in ya ji baƙo ya kira sunansa sai ya ɗauka na gida ne. Ni ba na yarda a rubuta a bayan jaka ko gaban riga.

Kabiru: Hajiya, in ya suma a kai shi asibiti, da wane suna za a karɓe shi?

Malam Sani: A sa sunan a bayan katin ko a cikin abin hannu, inda sai an juya za a gani. In yana da sikila ko farfaɗiya ko maganin da jikinsa ba ya so, a rubuta nan ma.

Zainabu: Ni magena na yi wa kati mai QR, ana haskawa bayanaina su fito.

Dakta Usman: Zainabu, ki ƙara da lamba a rubuce. Wanda ya tsince ta ƙila ba data, ƙila ƙaramar waya ce da shi. A sassaƙa lambar a ƙarfe, rubutun alƙalamin maka ruwa da gogayya suna cinye shi, 3 ta koma kamar 8. Abin wuyan mage kuma ya zama mai ɓallewa da kansa in ya maƙale a reshe, kar ya shaƙe ta.

Zainabu: Ai an sa mata cif a ƙarƙashin fata, zan ga inda take.

Dakta Usman: Ba ya nuna wuri. Girmansa kamar ƙwayar shinkafa, ba batir a ciki, lamba kawai yake ɗauke da ita, galibi mai alƙaluma 15. Sai an kai ta inda ake da na'urar karantawa, a duba rajista a ga wayarki. In kin canza layi ba ki gyara rajistar ba, matsalar Anti Bilki ce sak. Kuma duk wanda ya kira ya ce ya tsince ta amma sai kin turo kuɗi, ki ce ya turo hotonta tukuna.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai. Amma Hanif duk abin da aka rataya masa cirewa yake.

Anti Bilki: Igiya a wuyan ɗan shekara uku ma ba na so. Ki rubuta a damtsensa da maka mara gogewa, ki sake da safe in ya dushe.

Hajiya Rabi: A jikin yaro? Ni dai a ɗinke a cikin rigar.

Kabiru: A cikin riga wa zai san ya duba?